Masu zana tambari, ku zo shago ku ga abin da allura ke yi da zanenku

Shekara tara ina kan injin monogiram, mai ɗinka tambari a jikin kaya, a nan Jos, kusa da Taminus, amma abin da ya faru da ni makon jiya ya kai ni bango. Wata Hajiya mai makarantar firamare ta kawo suwaita 120 a ɗinka musu tambarin makaranta a ƙirji, tana sauri saboda sanyi ya kama yara. Wani yaro ne ya zana mata a kwamfuta, ya karɓi kuɗinsa ya kama gabansa. A fuskar waya kam abin gwanin sha'awa: littafi a buɗe da layukan rubutu a ciki, alƙalami, rana mai tsirkiya sirara kamar gashin jariri, launi yana shiga launi, sannan taken makaranta a kan wani ƙyalle a ƙasa.

Na ce, Hajiya, wannan ba zai ɗinku ba. Ta ce, "Malam, wanda ya zana ya ce in injinka na kirki ne zai fito." Wallahi maganar nan ta fi komai ƙona min rai. Shi da bai taɓa zura zare a allura ba, shi ne zai auna injina?

To bari in yi masa lissafin da bai yi ba. Tambarin ƙirji faɗinsa kamar santimita 8 ne, ƙyallen da taken ke kai bai wuce santimita 6 ba. Taken shi ne "Ilimi Tushen Cigaban Ƙasa", harafi 22, ga tazara uku, wuri 25 ke nan. Raba milimita 60 gida 25, kowane harafi bai samu ko milimita biyu da rabi ba. Zaren da muke aiki da shi kullum, mai lamba 40, kaurinsa shi kaɗai ya kusa rabin milimita. Kafin sandar harafi ta tsaya da kyau tana son faɗin milimita ɗaya, harafin kuma tsayin milimita 5 zuwa 6. Da zare mai lamba 60, wanda ya fi siranta, da ƙaramar allura ana iya sauka zuwa 4, amma a kan yadi mai santsi, ba suwaita ba.

Suwaita ai saƙa ce, duk ramuka ne, kuma tana miƙewa. Ko ka shimfiɗa takardar tallafi a ƙasa, ka ɗora ledar nan mai narkewa da ruwa a sama, siririn layi nutsewa yake yi cikin ulu. Kuma zare yana jan yadi in yana ɗinki, sai ramin cikin "a" da "e" ya rufe ruf.

Ta dage, sai na yi mata gwaji a kan guda ɗaya. Tsirkiyar rana rabi ta ɓace. Layukan littafin suka cure suka zama dunƙule mai tauri kamar ƙanzo, zare ya tsinke min sau huɗu, allura ta yi ta sukar wuri guda har ta huda rigar. Sai kuma babban abin: lanƙwasar kan Ƙ ta narke cikin harafin, taken ya koma "Cigaban Kasa". Makaranta guda za ta liƙa wa yara kasawa a ƙirji! Haka ɗ da ɓ ke yi, haka ɗigon haruffan Larabci ke yi wa masu Islamiyya, harafin ta da harafin sa su zama abu ɗaya. Mai zanen bai san da wannan ba, don shi jan hoton yake da yatsu biyu ya ƙara girma. Riga kuwa ba a ja.

Muka kira shi, wai ai ya turo hoton PNG mai kyau. Injina fayil ɗin ɗinki da ake kira DST yake karantawa, ɗan'uwa, kuma ba dannawa ɗaya ake yi hoto ya koma ɗinki ba. Zama nake in tsara inda allura za ta bi, ɗinki bayan ɗinki. Dare biyu na yi ina gyara aikin da wani ya ci kuɗinsa. Na cire layukan littafin, tsirkiya ta koma bakwai masu kauri, launi uku tsayayyu, taken kuma na raba shi layi biyu a ƙarƙashin tambarin, haruffa milimita 6, na ƙara wa lanƙwasar Ƙ girma da gangan.

Da mai zanen ya buga tambarinsa a takarda daidai santimita 8, ya bi layukan da alƙalami mai kaurin baki, ya miƙa hannu ya duba daga nesa, da tun a ɗakinsa ya ga abin da zai mutu.

Hajiya ta karɓi kayanta jiya. Ta juya suwaita ɗaya, ta ce aiki ya yi kyau, amma tunda na cire abubuwa daga tambarin sai in rage mata kuɗi. Ta kuma cire kuɗin wadda ta huje.