Oda ba ciniki ba ce sai kuɗi ya shiga hannu

Wani rahoto da ake ta yaɗawa, wanda wani mai shagon intanet yake murna wai cinikinsa ya ninka a wata guda, ya ɓata min rai ƙwarai. Tsarinsa na "sai kaya ya iso a biya" ne. To a irin wannan tsari, wa ya ce masa danna maɓallin oda ciniki ne? Mutum bai fitar da ko sisi ba, sunansa da lambar waya kawai ya rubuta. Oda ce, alkawari ne, kuma alkawarin da babu abin da zai ci mai shi idan ya saɓa.

Bari in buga misali. A ce ka yi talla biyu, ka kashe musu kuɗi daidai wa daida. Ta farko ta kawo oda 200, ta biyu ta kawo 140. Idan ka tsaya a nan, ta farko ce gwana, sai ka kashe ta biyun ka juye kuɗinta a can. Amma jira kayan su gama zagayensu. A cikin 200 ɗin nan mutum 110 ne suka karɓa suka biya, 90 suka ƙi ɗaukar waya, ko suka ce sun fasa, ko adireshin ya zama na bogi. A cikin 140 kuwa, 119 suka biya, 21 kaɗai suka dawo. Tallar da ka kashe ita ce ta fi kawo kuɗi. Waɗancan 90 kuma ba a banza suka je suka dawo ba: ka biya kuɗin kaiwa, galibi ka biya na dawowa, ga kuɗin ƙunshi, wani kayan ma ya dawo a lalace.

Abin da ya fi damuna shi ne ɓarnar ba ta tsayawa a rahoto. Masu shago da yawa suna saita shafinsu ya aika alamar `Purchase`, wato an saya, ga manhajar talla da zarar an danna oda. Ita manhajar abin da ka nuna mata take koyo. Ka ce mata mai dannawa shi ne mai saye, sai ta shiga nemo maka masu saurin dannawa, har da waɗanda ba su da niyyar karɓa. Da kuɗinka kake koya mata ta kawo maka asara. Idan tsarinka yana ba da dama, ka riƙa aika alamar saye bayan an tabbatar da oda ta waya, ko bayan matsayinta ya koma `Delivered`.

Na san za a ce ai mai shagon yana cire waɗanda suka dawo a ƙarshen wata. Wannan bai wadatar ba, don ba lokaci guda labarin ke zuwa ba. Kayan da aka karɓa yana rufewa cikin 'yan kwanaki. Wanda aka ƙi kuwa sai an je an sake komawa, ya kwana a ma'ajiyar kamfanin jigila, kafin a sa masa `RTO`, wato alamar a mayar da shi wurin mai shago, ya kamo hanyar gida, wani lokaci bayan makonni. Saboda haka odar makon nan kullum kyau take yi a ido, don munanan ba su bayyana ba tukuna. Idan kuma ka raba kayan da suka dawo a wannan wata da odar wannan wata alhali oda tana ƙaruwa, kana auna dawowar ƙaramin wata ne da odar babban wata, dole adadin ya fito ƙarami. Ka tara odar kowane mako wuri guda bisa ranar da aka yi ta, ka bari kowace ta kai ƙarshenta, sannan ka yi hukunci. Kafin nan oda ce kawai, kar ka kira ta ciniki.

Haka lissafin sito yake rikicewa. Allo ya nuna kaya ya ƙare, ka saro sabo, sai ga tsohon yana dawowa kwali-kwali, jarinka ya maƙale sau biyu.

Wani abu kuma da nake so masu shago su ji da kyau: kada ku gaskata duk dalilin da aka rubuta a kan kayan da ya dawo. Akwai mai kai kaya da aiki ya yi wa yawa, yamma ta yi, sai ya rubuta ba a samu mai kaya ba alhali ko kiransa bai yi ba. Kai kuma ka toshe lambar bawan Allah, ko ka daina aika kaya yankinsu gaba ɗaya. Ka ɗauki wasu daga cikin waɗanda aka ce sun ƙi, ka kira su da kanka, ka tambaye su ko wani ya taɓa kiransu. Sannan ka duba ko yawancin waɗanda suka ce a'a a hannun ɗan aike guda kayansu yake.