Saƙon da Aka Goge a Waya Ba Ya Kwance Yana Jira

"Ai abin da aka goge yana nan ciki, manhaja ce za ta tono shi." Haka ake yawan faɗa game da saƙon da aka goge a waya.

A tsohon faifan kwamfuta maganar tana da gaskiya, domin bayanan suna kwance har sai an rubuta wasu a kansu. Wayar zamani ta sha bamban, ko da yake masu tallar manhajojin dawo da abin da aka goge ba sa faɗa. Tun daga Android 10, sababbin wayoyi suna kulle kowane fayil da mabuɗinsa, kuma idan aka goge fayil mabuɗin yana tafiya tare da shi, sannan TRIM, wato umarnin da ke sanar da ma'adanar wayar cewa ba a amfani da gurbin, ya sa ta share shi. Kamar wasiƙa ce cikin rubutun sirri da aka ƙona takardar warware shi.

Saƙo guda kuwa layi ne cikin rumbun SQLite, wato fayil ɗin da manhajar saƙo ke tara saƙonni a ciki, wanda tsarin wayar yake hana baƙuwar manhaja taɓawa. Abin da manhajar tonowar take nunawa galibi ƙananan kwafin hotuna ne waɗanda tun farko ba a goge su ba.