Ranar Sallah ba ta tsayawa wuri ɗaya

"Ina shirya tallan shagon atamfata a Gombe. Ba sai in kwafi ranakun bara kawai ba?"

A'a, Hajiya, za ki makara. Shekarar Musulunci kwana 354 ce ko 355, saboda haka azumi da Sallah suna matsowa da kwana 10 zuwa 12 duk shekara. A 2023 an yi Ƙaramar Sallah ranar 21 ga Afrilu, a 2024 kuma ranar 10 ga Afrilu. Da kin bi lissafin 2023, da hotunan sababbin kaya sun fita bayan mutane sun gama yawon Sallah.

Ki ɗauko ranar bara, ki rage kwana 11, ki ƙirgo baya daga nan. Mai sayen atamfa sai ta kai wa tela, teloli kuwa kan daina karɓar ɗinki tun azumi bai yi nisa ba. Don haka hotuna su kammalu a cikin Sha'aban, talla ya fara kafin a kama azumi.

Gaisuwar Sallah kam ki shirya ta, amma kada ki sa mata ranar fita. Watan na iya yin 29 ko 30, sai Sarkin Musulmi ya sanar da ganin wata tukuna.