Saƙon Da Ya Yi Daɗi A Hira Kan Zama Tuhuma A Imel

Wata ma'aikaciya ta rubuta wa abokin aikinta a Teams, manhajar hira ta wurin aiki: "Malam, har yanzu ban ga wancan fayil ɗin ba fa, kuma gobe ne," ta liƙa fuskar dariya a ƙarshe. Babu wanda zai ji haushin wannan. Da shiru ya yi yawa, sai shugabarsu ta ce a mayar da maganar imel don a samu shaida a rubuce. Ta kwafe saƙon yadda yake, ta cire fuskar dariyar tunda imel ne, ta sa shugabar a Cc, ta tura. Kalmomin ba su canja ba, amma abin da ya isa wurin mutumin ƙara ce aka kai shi gaban shugaba.

Yawancinmu mun ɗauka gyaran da ake bukata shi ne a ɗora sallama a sama, "na gode" a ƙasa. A ganina wannan shi ne mafi ƙanƙantar aikin. Saƙon hira gajere ne saboda yana jingine da abin da ke kewaye da shi: maganar da aka yi minti goma da suka wuce tana nan a sama, kowa ya san wane fayil ne "wancan", kuma "gobe" gobe ce don yanzu ake karantawa. Imel kuwa shi kaɗai yake tafiya. Ana iya buɗe shi bayan kwana uku, ana iya tura shi ga wanda bai san farkon zancen ba, ana iya tono shi bayan shekara idan rigima ta tashi. Don haka "wancan fayil" dole ya koma rahoton kashe kuɗi na watan Maris, "gobe" ta koma Alhamis ƙarfe 12 na rana.

Sai a dubi ƙananan kalmomi, nan ne dafin yake ɓuya. "Har yanzu", "fa", "ai", "dai", "mana": a baki ko a hira, murya da imoji ne ke sanyaya su. "Ai na faɗa maka" da dariya tsokana ce tsakanin abokai. A imel, ba dariya, ga shugaba na kallo, ta zama "laifinka ne". Duk wanda ya goge imoji, to ya duba jimlar da imojin yake rufa wa asiri, domin galibi ita ma sai ta tafi.

Ga yadda saƙon zai fito idan an sake shi. A layin Subject: "Rahoton kuɗi na Maris, ana bukata kafin Alhamis". A ciki kuma: "Assalamu alaikum Malam, da fatan kana lafiya. Ina tuntuɓa ne game da rahoton kashe kuɗi na watan Maris da muka yi magana a kai ranar Litinin. Zan miƙa wa sashen kuɗi ranar Alhamis da ƙarfe 12 na rana, don haka ina roƙon ka turo min kafin ƙarfe 10 na safiyar ranar. Idan akwai abin da ya riƙe shi, sanar da ni mu ga yadda za a yi. Na gode." Babu "har yanzu" a ciki, amma wa'adin ya fi na farko ƙarfi, kuma an bar wa mutumin ƙofar bayani ba tare da ya ji kunya ba.

Wani zai ce wannan ɓata lokaci ne, mutanen da ke raha da juna kullum me ya kawo wannan tsari? Akwai gaskiya a ciki, kuma na sha ganin an wuce gona da iri: sakin layi biyu na gaisuwa da ban haƙuri, "idan ba damuwa, idan da hali, ko a duba mana", har mai karatu ya kai ƙarshe bai gane me ake so ba ko yaushe. Wani lokaci ma girmamawar da ta zo kwatsam ita ce ke tayar da hankali. Wanda jiya ka kira "mutumina" yau ya ga "ranka ya daɗe", sai ya fara tunanin me ya yi maka. Matakin girmamawar da kuka saba ya isa, a ɗan ɗaga shi kaɗan saboda sauran masu karantawa.

Batun Cc kuwa, shi ma murya ne. Idan dole a sa shugaba, gara a fara sanar da mutumin a hira cewa imel na zuwa kuma an ce a sa Hajiya a ciki. A kuma bar cike layin To sai an gama karanta saƙon sau biyu, domin a Slack ko Teams ana iya gyara saƙo bayan an tura, amma Undo Send na Gmail, wato damar janye imel bayan an tura, daƙiƙa 30 ne iyakarsa.