Ja da kore a zanen alƙaluma: canza launi kaɗai bai isa ba

Duk mai zana alƙaluma da Matplotlib, manhajar zane ta Python, ya san cewa idan ya ja layi huɗu bai zaɓi launi da kansa ba, na uku zai fito kore (#2CA02C), na huɗu kuma ja (#D62728). A idon yawancin mutane ba su yi kama ba ko kaɗan. Amma ga mai makantar ja da kore, dukansu biyun sukan koma wani dishi-dishin ruwan ƙasa, kuma inda layukan suka gitta juna ba zai iya bin kowanne ba. A tsakanin mutanen da asalinsu arewacin Turai ne, kusan namiji 1 cikin 12 da mace 1 cikin 200 ke da wannan larura. Ta fi yawa a maza domin ta kan kuromosom X ake gadonta.

Ni a ganina kuskuren da aka fi yi shi ne a tsaya kan tambayar wane launi za a cire, a manta da hasken launin. A cikin ido akwai ƙwayoyin gane launi iri uku. Biyu daga ciki, masu karɓar ɓangaren ja da na kore, ƙwaƙwalwa na gwada saƙonsu ne ta fitar da bambanci. Idan ɗaya ta ɓace ko ta karkata zuwa ga 'yar'uwarta, wannan bambanci sai ya ragu ko ya tafi. Abin da ya rage wa mutum biyu ne: bambancin shuɗi da ruwan ɗorawa, da bambancin haske da duhu. To koren nan da jan nan kusan ba su da shuɗi a cikinsu, sannan tazarar haskensu bisa lissafin WCAG, ƙa'idojin sauƙaƙa shafukan intanet ga masu larura, kusan 1.5:1 ce kacal. Duka hanyoyin biyu a toshe suke.

Gyaran da ya fi sauƙi shi ne jerin launuka takwas na Okabe da Ito, masana biyu da suka tsara shi domin masu wannan larura. Idan rukuni biyu ne, a ɗauki shuɗi #0072B2 da ruwan lemu #E69F00. Sun rabu ta fuskar shuɗi da ɗorawa, kuma tazarar haskensu ta kai kusan 2.3:1, don haka ko an buga su baƙi da fari ana rarrabe su.

Sai dai a nan mutane kan yi gaggawa. WCAG 2.1 na neman 3:1 tsakanin sashen zane da abin da ke gefensa. Shuɗin nan a kan farin shafi ya haura 5:1, lafiya lau. Ruwan lemun kuwa bai wuce 2.3:1 ba. A zanen sanduna masu faɗi ana iya yi masa baƙin gefe a wuce wurin, amma a siririn layi dushewa yake yi, musamman a allon majigi. Ga layi gara #D55E00, ja mai ruwan lemu, wanda ke da kusan 3.9:1 a kan fari. Shi ma da tasa matsalar: haskensa ya kusa da na shuɗin, kusan 1.3:1, saboda haka dole a ƙara wata alama wadda ba launi ba.

```python
ax.plot(x, a, color="#0072B2", lw=2)
ax.plot(x, b, color="#D55E00", lw=2, ls="--")
```

Layi na biyu ya zama mai tsinkewa ke nan. A rubuta sunan kowane layi a ƙarshensa, kada a tura mai karatu ya je yana gwada launi da ƙananan akwatunan da ke gefe. Launi a ɗan ƙaramin fili ya fi wuyar ganewa ga kowa ma. Ruwan ɗorawan jerin, #F0E442, kusan 1.3:1 ne a kan fari, don haka ban ga amfaninsa a layi ba sai a kan baƙin shafi.

Idan ƙima ce mai hawa daga kaɗan zuwa yawa, a cikin jerin launukan Matplotlib a bar jet mai launukan bakan gizo a ɗauki viridis ko cividis, domin haskensu na ƙaruwa ne a jere. Idan akwai tsakiya, kamar riba da asara, RdBu, mai tashi daga ja zuwa shuɗi, ya fi RdYlGn, mai tashi daga ja zuwa kore, wanda gefunansa biyu kan yi kama ga mai wannan larura.

Kafin a saki zanen a gwada shi sau biyu. Da farko a cire launi gaba ɗaya a ga ko ana iya bin layukan. Sannan a buɗe shi a Chrome, a shiga DevTools, sashen Rendering, a zaɓi Emulate vision deficiencies. A duba Deuteranopia da Protanopia, wato rashin ƙwayar kore da rashin ƙwayar ja, duka biyun, domin a na biyun ja yakan yi duhu sosai, har jan layi kusa da baƙin layi ya zama kusan abu ɗaya.