Ku daina farautar "kamfanin da zai tashi"

'Yan uwa matasa, musamman mu da muka fara saka ɗan abin da muka samu a kasuwar hannun jari ta waya, don Allah mu yi wa kanmu faɗa. Kullum a guruf sai ka ji wani ya ce ku sayi kaza zai tashi, gobe a ce ku sayar ku koma wancan, kuma ba mai zama ya lissafa nawa wannan shige da ficen ke ci a kuɗinsa.

Duk lokacin da ka saya ko ka sayar a NGX, wato kasuwar hannun jari ta Najeriya, akwai kamashon dillali, ga kuɗin SEC mai sa ido a kan kasuwar, ga na CSCS mai ajiye hannun jarin, ga na kasuwar kanta, ga harajin hatimi. In ka haɗa shiga da fita abin ya kan kai wajen kashi 4 cikin ɗari. To mu ɗauka misali kana da naira miliyan 1, kasuwa kuma tana ba da kashi 10 duk shekara. Kai mai son canje-canje kana juya kuɗin gaba ɗaya sau ɗaya a shekara, saura kashi 6 kenan a hannunka, bayan shekara 20 kana da wajen miliyan 3.2. Abokinka ya sayi asusun indes, wato asusun da ke kwaso manyan kamfanonin kasuwa a dunƙule ba tare da wani ya zauna yana zaɓe ba, a ce ana cire masa kashi 1 na kulawa duk shekara, shi kuma ya tashi da wajen miliyan 5.6. Kasuwa ɗaya, shekaru ɗaya, sama da miliyan 2 sun tafi a caji da ribar da cajin ya hana ka, kuma fa wannan in mun ɗauka zaɓenka bai fi na kasuwa muni ba.

Zaɓen kuwa shi ne mai wuyar. Warren Buffett, wanda duniya ta san shi da iya zaɓen kamfani, ya ci alwashin cewa asusun S&P 500, mai bin manyan kamfanoni 500 na Amurka, zai doke ƙwararrun masu juya kuɗi da kamfanin Protégé Partners ya zaɓa cikin shekara goma, daga 2008 zuwa 2017. Asusun ya ƙaru da kusan kashi 126, su kuwa matsakaicinsu wajen kashi 36. Mutanen nan aikinsu kenan safe da yamma, da ma'aikata da bayanai, amma caji ya cinye su. Kai da kake leƙa waya bayan ka taso daga aiki fa?

Mu ma nan gida mun gani. Kafin 2008 mutane sun zuba kuɗin fansho da na gado a hannun jarin bankuna, wasu har da bashi, don kowa na cewa banki ba ya faɗuwa. A 2009 Babban Banki ƙarƙashin Sanusi Lamido Sanusi ya sauke shugabannin su Oceanic da Intercontinental da Afribank, kuma wanda ya tara komai nasa a irin waɗannan bai sake ganin kuɗinsa yadda ya zuba ba. Kasuwar gaba ɗaya ta daɗe a ƙasa amma daga baya ta dawo har ta wuce inda take, Afribank kuwa babu shi yau.

Kada wani ya fahimce ni ba daidai ba, asusun indes ma yana faɗuwa. A 2008 S&P 500 ya zube da kashi 37. Abin da yake kare ka daga shi shi ne mutuwar kamfani ɗaya, ba ya kare ka daga faɗuwar kasuwa, kuma ba ya kare ka daga kanka. In ka firgita ka sayar ranar da komai ya yi ja, ka tabbatar da asarar da hannunka. Shi ya sa kuɗin haya ko na aure da za a yi baɗi ba nan ne wurinsu ba. Ware abin da za ka iya mantawa da shi shekara goma, ka sa rana ɗaya a wata, albashi na shiga ka saya, ko farashi ya hau ko ya sauka.

Na san tambayar da za ta biyo baya ita ce halacci, kuma tana da tushe, don asusun da ke bin NGX 30, wato manyan kamfanoni 30 na kasuwarmu, akwai bankunan ruwa da kamfanin giya a ciki. Akwai Lotus Halal Equity ETF da ke bin kamfanonin da aka tace bisa shari'a. Sai dai kamfanoninsa ba su da yawa, kuma irin waɗannan asusun a kasuwarmu ba a cinikinsu sosai, don haka kafin ka danna saya duba tazarar da ke tsakanin farashin masu saye da na masu sayarwa, ka kwatanta da ainihin darajar kason da masu asusun ke wallafawa, ka kuma karanta nawa suke cira a shekara.

In kuma zuciyarka ta nace sai ka zaɓi kamfani da kanka, kada ya wuce kashi 10 na kuɗinka, ka rubuta dalilin saye da farashin ranar, bayan shekara uku ka auna shi da asusun, caji da komai a ciki.