Ba Yaji Ba Ne Ke Haifar da Gyambon Ciki

"Yajin tsire ne ya ba ni olsa," haka wani matashi mai sayar da atamfa a Kantin Kwari yake faɗa wa abokansa. Ya daina cin barkono har wata uku, amma zafin da ke cin sa a ƙarƙashin ƙirji bai daina tashinsa da tsakar dare ba.

Da ya je asibiti, likita ta tambaye shi magungunan da yake sha, sai ya ce kusan kullum yakan haɗiyi ibuprofen ko diclofenac saboda ciwon baya na ɗaukar dila, sau da yawa ma kafin ya karya kumallo. Gwajin bayan gida kuma ya nuna ƙwayar cutar Helicobacter pylori. Wannan ƙwayar cuta da irin waɗancan magungunan rage ciwo su ne manyan musabbaban gyambon ciki, domin suna raunana majinar da ke kare bangon tumbi daga ruwan asid. Yaji yana iya tsananta raɗaɗin ga wasu, amma ba shi ke buɗe gyambon ba.

Ta hana shi waɗancan magunguna, ta rubuta masa maganin rage asid tare da magungunan kashe ƙwayar cuta na kwana 14, ta kuma gargaɗe shi cewa idan ya ga baƙin bayan gida kamar kwalta ko aman jini, ya dawo nan take.